Wasiƙar Mai Tireda zuwa ga Dila: Yadda Ake Neman Farashin Sari da Rangwame

Mai ƙaramin shago da ke son fara sari daga wurin babban dila yakan rubuta masa wasiƙa don ya san abu biyu: farashin kaya, da sharuɗɗan rangwamen da ake yi wa wanda ya sayi da yawa. Masu tireda na garuruwa irin su Haɗejia, Azare da Gumel da yawansu daga Kasuwar Singa da ke Kano suke saro kayan masarufi, kamar yadda 'yan atamfa ke nufar Kantin Kwari, 'yan hatsi kuma Dawanau. Ko a takarda aka rubuta aka ba direba, ko ta WhatsApp aka tura, aikin wasiƙar ɗaya ne. Ana son amsar da za ta ba mai shago damar lissafa nawa kowane kwali zai tsaya masa bayan an sauke shi a ƙofar shagonsa.

Wasiƙar tana buɗewa da sallama da gajeriyar gaisuwa, sannan mai shago ya gabatar da kansa: garin da yake, irin kayan da yake sayarwa, da yawan abin da yake iya ɗauka a wata. Wannan na ƙarshen shi dila ya fi dubawa, domin da shi yake gane matakin farashin da zai ba mutum. Wanda ya rubuta cewa yana son kaya masu yawa bai faɗi komai ba, amma wanda ya ce yana sayar da kwali ashirin na taliya a wata ya ba dila abin da zai yi lissafi a kai. Idan wani tsohon abokin cinikin dilan ne ya haɗa su, ana ambatonsa a nan, domin a kasuwa sanayya tana saukaka yarda.

Daga nan sai jerin kayan, kowanne da sunan kamfaninsa, girmansa da ma'auninsa. Sukari ana faɗin buhu mai kilo 50 ake nufi ko ƙarami. Taliya ana faɗin kwali mai leda 20, kowace giram 500. Rashin wannan bayani shi ke sa mutum ya kwatanta farashin dila biyu ya zaci ɗaya ya fi sauƙi, alhali kwalinsa ne ya fi ƙanƙanta.

Gangar jikin irin wannan wasiƙa takan kasance kamar haka:

“Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ƙara buɗi. Ina da shagon tireda a Haɗejia, kuma ina so in fara sari a wurinka. A wata nakan sayar da kwali ashirin na taliya, buhu shida na sukari mai kilo 50, da kwali goma na sabulun wanki. Ina roƙon a turo mini farashin waɗannan kaya na yanzu, tare da ranar da farashin zai daina aiki. Haka kuma ina son sanin daga kwali nawa rangwame yake farawa, nawa ake ragewa a kowane kwali, kuma ko ana haɗa kaya iri-iri wajen ƙirga adadin. A sanar da ni wanda ke biyan kuɗin dako da na mota, da yadda ake yi idan kaya suka iso a lalace. Kuɗi hannu zan biya. Na gode, Allah ya bar zumunci. Wassalam.”

A ƙasa mai shago yana sa sunansa, sunan shagon, lambar waya da kwanan wata.

Tambayar wa'adin farashi ta zama dole tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a shekarar 2023, lokacin da farashin kayan masarufi ya riƙa canzawa cikin 'yan kwanaki. Jerin farashin da ba shi da kwanan wata ba ya ɗaure dila da komai. Mai shago zai iya tara kuɗi na mako biyu, ya tura, a ce masa kaya sun tashi sai ya yi ciko.

Rangwame shi ne inda aka fi samun saɓani, kuma misali zai nuna dalili. A ɗauka dila ya amsa cewa kwalin taliya naira 18,000 ne, daga kwali ashirin 17,500, daga kwali hamsin kuma 17,000. A ɗauka kuma dako da mota zuwa Haɗejia suna cin naira 500 a kowane kwali. Idan mai shago ya ɗauki kwali ashirin, zai biya dila naira 350,000, kwali ya iso masa a kan 18,000, wato leda ɗaya naira 900. In yana sayar da leda a 1,000, ribarsa a kwali naira 2,000 ce. Idan kuwa ya ɗauki hamsin, zai biya 850,000, kwali ya iso a 17,500, riba ta koma 2,500.

A ido hamsin ɗin ya fi. To amma shagon kwali biyar yake sayarwa a mako, saboda haka kwali hamsin sai ya yi mako goma kafin ya ƙare, ashirin kuma mako huɗu. Ƙarin naira 500,000 zai kwanta a taliya don a tsira da rangwamen naira 25,000, alhali sukari da sabulu sun ƙare a kanta babu kuɗin sarowa. Ga kuma ɓera da danshin damina da ke jiran kayan da suka daɗe a sito. Shi ya sa wasiƙar ke tambaya ko ana haɗa kaya iri-iri. Idan dila ya yarda a ƙirga taliya ashirin, sabulu goma da wasu kwalaye ashirin a matsayin hamsin, ƙaramin shago ya samu rangwamen ba tare da ya binne jarinsa a abu ɗaya ba.

Akwai wata tambaya da ke biye da wannan: ragin ya shafi duka kayan ne, ko kuwa waɗanda suka haura adadin kawai? Wanda ya ɗauki kwali ashirin da biyar zai samu ragin naira 12,500 idan duka ake ragewa, amma 2,500 kacal idan biyar ɗin da suka ɗoru a kan ashirin ne kaɗai. Amsar da ba ta fayyace wannan ba tana buƙatar a sake tambaya kafin a tura kuɗi.

Wani rangwamen kuma yana da dalilin da ba a faɗa ba. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kasuwa sosai yakan nuna kayan sun kusa ƙarewar wa'adi, ko kuma jabu ne. Ga kayan ci da sha, ana neman dila ya faɗi ranar ƙarewar wa'adin da ke jikin kwalin, a kuma duba lambar hukumar NAFDAC idan kaya sun iso.

Maganar bashi ba ta cika shiga wasiƙar farko ba. Dila bai san mutum ba tukuna, kuma roƙon bashi tun a gaisuwar farko yakan sa a yi watsi da takardar. Bayan an yi ciniki sau uku ko huɗu lami lafiya, ana iya tambayar ko za a yarda a ba da rabin kuɗi a cika sauran bayan mako biyu.

Idan amsa ta zo ta waya, mai shago yana neman a rubuto masa ita, ko da a saƙon tes ne. Yana tabbatar da cewa sunan da ke kan asusun banki ya yi daidai da na dilan ko na shagonsa kafin ya tura ko sisi, sannan ya ajiye amsar tare da rasit. Ranar da kaya suka sauka, da waɗannan takardu biyu ake ƙirga kwalaye a gaban direba.