Satar amsa: ina doka ta tsaya, ina ɗa'a ta fara?

A ce ɗalibi ya shiga zauren jarrabawar WAEC bai gaishe da mai sa ido ba. Wannan rashin ladabi ne: za a harare shi, magana ta ƙare. Ladabi al'adar wuri ce, shi ya sa durƙuson da ake yabawa a Kano ba mai jiransa a Landan.

Idan ya zaro takardar satar amsa kuwa, ya taka doka. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 a Najeriya ta tanadi tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun, ga wanda bai kai shekara 18 ba. Sai dai doka ba ta hukunci sai da shaida.

To, idan abokinsa ya roƙe shi amsa, ba kuma mai ganinsu fa? Laifin yana nan, amma abin da zai hana shi tarbiyya ce, wato abin da zuciya ta taso da shi na daidai da kuskure. Matsalar ita ce tarbiyyar da ta haramta ha'inci ita ta ce kada a juya wa aboki baya.

A nan ilimin ɗa'a yake shigowa, domin aikinsa auna dalilai: wa za a cutar? Ɗalibar da ta kwana tana karatu, wadda makin sata zai iya raba ta da gurbin jami'a.