Mako guda tare da Gizo: tatsuniya ɗaya, darasi uku

Da yawa daga cikinku kan koyar da ƙanne a lokacin hutu, a zaure ko a tsakar gida. Abin da kan faru shi ne, yau ABCD, gobe jadawalin sau, jibi yaran sun watse. Tatsuniya ɗaya tak za ta iya riƙe su daga Litinin zuwa Juma'a, muddin kalmomin da za su rubuta, lissafin da za su yi, da hoton da za su zana duk daga cikinta suka fito.

Mu ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki, don 'yan aji biyu ko uku na firamare, minti 30 kullum. Ana yunwa, hankaki suka ara wa Gizo gashin fiffike ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi. Ya yi musu handama, kowa ya zare gashinsa, ya faɗa ruwa. Can ya yaudari kada da cewa shi ɗan'uwa ne, ya kwana a ɗakin ƙwansa ya cinye su, ya bar ɗaya. Da aka zo ƙirga, sai ya yi ta fito da wannan ɗayan yana mayarwa.

Kafin Litinin, rubuta labarin a takarda, ka tsayar da alƙalumansa. Masu ba da shi da ka sun bambanta wajen adadi, don haka kai za ka yanke: hankaki 12, kowanne ya ba da gashi 2, ƙwan kada 10. Kada ka canza su. Yaro ba ya yafe wa wanda ya ce goma jiya, yau ya ce takwas.

Ranar Litinin karatu ne kawai, minti bakwai zuwa takwas, da muryar tsamin bakin nan ta Gizo. Tsaya daidai inda ya faɗa ruwa ka tambaye su me zai faru. Bayan ka ƙarasa, su maimaita labarin da bakinsu. Sauran kwanakin, sashen da za a yi aiki da shi kaɗai za ka sake karantawa.

Talata ta haruffa masu ƙugiya ce, kuma labarin cike yake da su: ɓaure, ƙwai, ɗaya, faɗa. Rubuta "kada" da "kaɗa" gefe da gefe, su faɗa su ji bambanci. Kalma biyar ta isa. In lokaci ya rage, a taɓa jam'i: hankaka, hankaki.

A ganina Laraba ce zuciyar makon. Raba wa yara ganye biyu biyu a matsayin gashi, wanda bai samu abokin zama hankaka ba sai dutse ya tsaya masa har a cika 12. Kowa ya miƙa wa "Gizo" nasa ana ƙirgawa: 2, 4, 6, har 24. Sannan kowa ya karɓe, a sauko: 24, 22, 20, har Gizo ya koma ba ko ɗaya. Sun yi sau biyu da ɗebewa ke nan ba tare da an ambaci sunansu ba.

Sai ƙwan kada. Zuba murfin lemo 10 a ƙwarya, ɓoye 9 a gabansu, ka riƙa fito da ɗayan kana mayarwa wani yaro yana ƙirgawa har goma. Tambaye su: ta yaya kada ya samu goma alhali ɗaya ya rage? Ba su lokaci su yi gardama. Amsar ita ce, fitowa ya ƙirga ba ƙwai ba, domin bai ware wanda ya riga ya ƙirga a gefe ba. Wannan kuskuren ne ƙananan yara kan yi. Za ka gane mai yin sa idan bakinsa ya riga yatsansa, ko ya ƙirga tsibi ɗaya sau biyu ya samu amsa biyu. Maganinsa, duk murfin da ya taɓa ya tura shi gefe.

Alhamis a ninke takarda gida huɗu: aron gashi, bishiyar ɓaure, faɗawa ruwa, ɗakin kada. Gawayi ya isa zana hankaka, a dai bar masa farin ƙirjinsa. Sharaɗi biyu ne: ƙwan da ke hoto ya zama 10 cif, kuma a rubuta kalma ɗaya ta ranar Talata a ƙarƙashin kowane gida. Kada ka zana naka a allo, don duk shi za su kwafa.

Juma'a ranar gajeriya ce. Kowane yaro ya ɗaga takardarsa ya ba da labarin yana bin gidajen. Wanda ya sa ɗakin kada kafin ɓaure, jerin labarin ne bai zauna masa ba, sai a sake karanta masa. Wanda ya zana ƙwai 13 kuwa, a miƙa masa ƙwaryar murafu ya sake ƙirgawa.