Yadda Laifin Na'ura Ya Zama Kiɗa: Sirrin Sautin Rok na Saikedelik

Ranar 6 ga Afrilu 1966, mawaƙan nan huɗu na The Beatles suka shiga sutudiyon kamfanin EMI da ke Abbey Road a Landan domin fara aikin faifansu mai suna Revolver. John Lennon ya zo da waƙa, ya kuma zo da wata buƙata da ta ɗaure wa ma'aikata kai: yana so muryarsa ta fito kamar ta Dalai Lama yana rera addu'a daga ƙololuwar dutse. Furodusansu George Martin ne, injiniyan sauti kuwa wani matashi ne ɗan shekara 20, Geoff Emerick. Waƙar da ta fito daga wannan zama, Tomorrow Never Knows, ta ƙunshi yawancin dabarun da suka bambanta kiɗan rok na saikedelik da wanda ya gabace shi.

Wannan salon kiɗa ya bunƙasa ne a Biritaniya da Amurka wajen 1966 zuwa 1969, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yana da alaƙa da ƙwayar LSD. Masu yinsa sun so mai sauraro ya ji lokaci na miƙewa, abubuwa na narkewa, kamar yadda mai shan ƙwayar ke ji. Amma ƙwaya ba ta naɗar sauti. Da hannu aka yi aikin, da reza da tef, kuma kusan duk abin da aka yi amfani da shi abu ne da a da ake biyan injiniya albashi don ya kawar da shi.

A lokacin ana naɗar sauti ne a kan tef, irin zaren da ke cikin kaset, sai dai ya fi faɗi, yana zagaya manyan faifai biyu. Na'urar Abbey Road layi huɗu kacal take ɗauka. Paul McCartney yana da ƙaramar na'urar naɗa a gida. Sai ya riƙa yanko guntun tef yana haɗa bakinsa da ƙarshensa ya zama zobe, yadda zai yi ta zagayawa yana maimaita sautin 'yan daƙiƙoƙi ba iyaka. Ya kuma cire kan da ke goge tsohon sauti, don haka duk zagaye sabon sauti yana hawa kan na baya har abin ya cakuɗe. Ya kawo waɗannan zobba sutudiyo, aka zaɓi wasu.

Gudun tef shi ke riƙe da kaurin murya. Wanda ya taɓa sauraren kaset batir na mutuwa ya san yadda muryar mawaƙi ke ja tana kauri. Idan aka ƙara gudu kuma, sai ta tsuke ta yi tsini. Kukan da ke tashi a farkon waƙar kamar na tsuntsayen bakin teku, dariyar McCartney ce aka ƙara mata gudu har ta daina kama da ta mutum.

Wajen haɗawa ne abin ya zama wasan hannu. An ɗora kowane zobe a kan na'ura daban, a ɗakuna daban-daban na ginin. Da yake zobe ba ya kan faifai, sai ma'aikaci ya tsaya ya saƙala fensir a ciki yana ɗan ja don kada tef ɗin ya saki. Duk sautukan suna kwararowa zuwa teburin haɗa sauti, inda ake ɗaga maɓallin wannan a sauke na wancan yayin da waƙar ke tafiya. Tunda kowane zobe na zagayensa ne babu ruwansa da sauran, ba yadda za a yi a sake samun wannan haɗin daidai. Abin da aka kama a ranar shi ne ke kan faifai har yau.

Buƙatar Lennon kuwa, Emerick ya biya ta da akwatin Leslie, wata lasifika da aka ƙera don kayan kiɗa na Hammond, wadda ke da ƙaho mai juyawa a ciki. Ƙahon yana fuskantar makirufo, ya juya baya, ya sake dawowa, sai sauti ya riƙa kaɗawa. Aka bi da muryar Lennon ta cikinsa a baitin ƙarshe. Ƙarƙashin duk wannan, waƙar kusan ba ta motsawa daga amo guda, tamburar Indiya da George Harrison ya kaɗa tana gunji, gangar Ringo Starr tana maimaita bugu ɗaya. A ganina wannan ne ya sa hargitsin bai watse ba: an kafa ƙasa da ƙarfi kafin a saki sama.

Juya tef baya ma dabara ce da kunne ke saurin kamawa. Tsirkiyar jita idan an taɓa ta, sautin yakan fito da ƙarfi sannan ya dushe a hankali. In an juya, sai ya taso daga shiru, ya kumbura, ya yanke kwatsam. A waƙar I'm Only Sleeping ta wannan faifai, Harrison ya tsara abin da yake so a ji, ya koyi kaɗa shi daga ƙarshe zuwa farko, domin in an juya tef waƙar ta zo daidai amma kowane amo ya fito a birkice.

Fidbak shi ne ƙarar da ke tashi idan makirufo ya matso kusa da lasifikarsa: sauti ya fita, ya koma ciki, a ƙara masa ƙarfi, ya sake fita. A jitar lantarki akwai bambanci guda mai amfani. Iskar da ke fitowa daga lasifika tana girgiza tsirkiyar kanta, don haka amon da ya kamata ya mutu cikin daƙiƙoƙi sai ya ƙi mutuwa. The Beatles sun buɗe I Feel Fine da shi a 1964, amma Jimi Hendrix ne ya mai da shi sana'a. Yakan ƙure amfilifayarsa ta Marshall, ya danne tsirkiyoyin da ba ya so da tafin hannu, ya matsa ko ya ja baya har ya sami amon da yake nema. Yadda ake gane gwani shi ne ƙarar tana da amo mai tafiya da waƙa. Idan ta zama tsuwwa mai huda kunne wadda danne tsirkiya ba ya tsayar da ita, to na'ura ce ta ƙwace.

Duk wannan yana cin lokaci. Yawancin faifan The Beatles na farko a yini ɗaya aka naɗe shi, a Fabrairun 1963. Zuwa Sgt. Pepper a 1967, watanni suka kwashe. A shekarar ne kuma, a wannan gini, Pink Floyd suka naɗi Interstellar Overdrive, kiɗa na kusan minti goma ba murya. Jigo ne gajere a farko da ƙarshe, tsakiya kuwa kowa na bin kunnensa, Syd Barrett yana tura jitarsa ta cikin na'urar amsa-kuwwa ta Binson. Suka sake kaɗa wani zagayen a kan na farko, shi ya sa ake jin kamar ƙungiyoyi biyu ne ke magana lokaci guda.

Ba kullum ake dacewa ba, kuma faifan wannan zamani da yawa hayaniya ce mai tsawo. Ƙungiyar Grateful Dead ta San Francisco ta gaji da furodusanta Dave Hassinger wajen aikin Anthem of the Sun, shi ma ya gaji da su, har ya ajiye aikin bayan Bob Weir ya nemi a naɗa masa sautin iska mai kauri. Sai suka ƙarasa da kansu, suna dasa naɗin wasanninsu na dandali a cikin na sutudiyo, faifan ya fito a 1968.