Taya na ƙirga nisa, jairo na ƙirga juyi: yadda matacin Kalman ke sasanta su

Mutum-mutumin da ke jigilar kaya a cikin babban sito ba ya samun siginar GPS mai kyau, domin rufin kwano ya tare ta. Amma dole ya san inda yake. Shaidu biyu yake da su a jikinsa: tayoyinsa, da wata ƙaramar na'ura da ake kira IMU. Kowannensu yana yin ƙarya, sai dai ƙaryar tasu ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan dabarar take.

Mu fara da taya. A jikin kowace taya akwai enkoda, wato abin da ke ƙirga juyawarta. A ce muna da mutum-mutumi mai tayoyi biyu, faɗin kowace taya santimita 10, tazarar da ke tsakaninsu kuma santimita 40. Juyi ɗaya na taya yana cin kusan santimita 31.4. Idan duka tayoyin suka ci nisa ɗaya, to tafiya ce miƙe. Idan ta dama ta fi ta hagu, ya karkata hagu, kuma ana samun girman karkatar ne ta raba bambancin da tazarar tayoyin. Wannan lissafi shi ake kira odometiri.

To ina matsalar? A ce tayar dama ta fi ta hagu girma da kashi 1 cikin 100 kacal, abin da ido ba zai gani ba. Bayan tafiyar mita 10, enkoda za su ce tayoyin sun yi juyi daidai wa daida, alhali ta dama ta ci ƙarin santimita 10. Raba 10 da 40, ka samu radiyan 0.25, kusan digiri 14 ke nan. Mutum-mutumin yana ganin ya tafi miƙe, amma ya kauce gefe da fiye da mita ɗaya. Ka lura kuskuren nisa ɗan kaɗan ne. Kuskuren alƙibla shi ne mai ɓarna, don duk takun da ya biyo baya a kansa ake ɗora shi.

Sai IMU. A cikinta akwai jairoskof, ko jairo a taƙaice, mai auna saurin juyawa: digiri nawa ake juyawa a daƙiƙa. Ba ruwansa da ƙasa, ko taya ta yi santsi shi bai sani ba. Nasa ciwon daban ne. Ko an ajiye shi cak a kan tebur, ba ya nuna sifili, yakan nuna wata 'yar ƙaramar lamba da ke sauyawa da zafi. A ce lambar digiri 0.1 ce a daƙiƙa. Cikin minti ɗaya ta tara digiri 6, cikin minti goma digiri 60, kuma ko motsi ba a yi ba. Ke nan kuskuren jairo da lokaci yake girma, na taya kuma da tafiya.

Akwai kuma ma'aunin hanzari a cikin IMU ɗin, amma ba a cika dogaro da shi wajen nisa ba. Kuskuren 0.01 m/s² a cikinsa yakan zama mita 18 bayan minti ɗaya, saboda sau biyu ake tara shi.

A 1960 Rudolf Kalman ya wallafa hanyar da ake haɗa irin waɗannan shaidu, daga baya aka yi amfani da ita a kwamfutar tuƙin kumbon Apollo. Matacin yana riƙe abu biyu a koyaushe: ƙiyasi, da girman shakkun da ke kan ƙiyasin. Sai ya riƙa maimaita mataki biyu, sau da yawa a kowace daƙiƙa: ya yi hasashe, sannan ya gyara hasashen da awo.

Bari mu bi kwana ɗaya. Jairo ya ce an juya digiri 10, kuma mun san yakan kuskure da kusan digiri 1 a irin wannan juyi. Tayoyi suka ce digiri 14, su kuma sukan kuskure da kusan digiri 2. Ana ninka kowane kuskure da kansa: na jairo ya zama P = 1, na tayoyi R = 4. Daga nan sai lissafin:

```
K = P / (P + R) = 1 / 5 = 0.2
x = 10 + 0.2 * (14 - 10) = 10.8
P = (1 - 0.2) * 1 = 0.8
```

K shi ne yawan kunnen da za a ba sabon awo. Ba a raba gardamar biyu an ce 12 ba, an matsa kashi ɗaya cikin biyar ne kawai zuwa ga maganar tayoyi, tunda sun fi yawan kuskure. Duba layi na uku kuma: shakku ya sauka daga 1 zuwa 0.8. Ko shaida mai rauni, in dai kuskurensa bai da alaƙa da na ɗan'uwansa, yana ƙara wani abu.

Riba mafi girma tana wani wajen. Ana saka waccan lambar ƙarya ta jairo cikin abubuwan da matacin ke ƙiyastawa. Duk lokacin da mutum-mutumin ya tsaya ana loda masa kaya, enkoda na nuna sifili, don haka abin da jairo ke faɗa a lokacin kusan duk ƙarya ce. Matacin ya koyi lambar, ya riƙa cire ta idan an tashi. Jairo shi ma yana rama alheri. A misalinmu, saɓanin da ake tsammani tsakanin shaidun biyu shi ne tushen 5, kusan digiri 2.2. Saɓanin digiri 4 ba abin mamaki ba ne. Amma da tayoyi za su ce 25, saɓanin 15 ya haura ninki uku na 2.2 da nisa. Wannan alama ce cewa taya ɗaya ta taka mai ko ruwa ta yi santsi, sai a watsar da awon gaba ɗaya.

Wannan saɓanin shi ne abin da injiniya ke zuba wa ido. Idan matacin na da lafiya, saɓanin zai riƙa yawo sama da ƙasa da sifili. Idan ya jingina gefe ɗaya duk lokacin da ake tafiya, ya kuma ɓace idan an tsaya, a je a sake auna tayoyi. Matacin Kalman ya ɗauka kuskure na watsuwa ne hagu da dama, don haka taya mai girman da bai dace ba za ta ja shi gefe sannu a hankali. Idan kuma aka ba shi R ƙarami fiye da gaskiya, zai gaskata tayoyi har a lokacin santsi, yana kuma nuna cewa shakkunsa kaɗan ne.

Akwai abin da shaidun biyu ba sa gani. Idan duka tayoyin suka yi santsi tare, babu juyi, jairo ya yi shiru, enkoda kuma na ta ƙirga nisan da ba a ci ba. Haka ta faru da Opportunity, motar binciken NASA a duniyar Mars, a watan Afrilun 2005: tayoyinta suka ci gaba da juyawa suna nutsewa cikin rairayi, sai da aka shafe makonni kusan biyar kafin a fito da ita. Taya da jairo duk canji suke aunawa, ba wurin da ake ba, shi ya sa shakkun matsayi ba ya daina girma, rage masa gudu kawai ake yi. Mai mayar da shi ƙasa sai awon da ya kalli waje: kyamarar da ta gane alama a bango, ko GPS idan an fito fili. Shi ma ta waɗancan layuka uku na lissafi yake shiga, da nasa R.