Layi Ɗaya a Rana: Littafin da Mace Za Ta Shiga da Shi Ɗakin Likita

Duk wadda ta taɓa zama a layin sashen mata na asibiti ta san tambayar da ake fara yi mata da zarar ta zauna a gaban likita ko ungozoma: "Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" Amsar da aka fi ji ita ce "wajen tsakiyar watan jiya", ko "ana gobe bikin ƙanwata". Sai a ce kwana nawa take yi, ta ce ya danganta. Jinin yana da yawa? "To, ba laifi." Me ya kawo ki? "Sanyi ne." Matar nan ta bar gida tun da sassafe, ta biya kuɗin mota da na kati, ta yi awa uku a kan benci, amma a cikin ƴan mintocin da ta samu ba ta ba likita abin da zai kama ba. Ba laifinta ba ne. Kunya tana ɗaure baki, kuma ba wanda ke iya tuna abin da jikinsa ya yi ranar Talatar mako bakwai da suka wuce. Maganin wannan shi ne ƙaramin littafi da biro, da layi ɗaya da za a riƙa rubutawa kowane dare.

Lissafin kwanaki ba baƙo ba ne a wurinmu. Mace Musulma tana ƙirga kwanakin haila da na tsarki saboda salla da azumi, kuma a Islamiyya an koya mata cewa a mazhabar Malikiyya jinin da ya zarce kwana 15 ya zama na istihala. Sai dai ƙirgen ibada daban, na asibiti daban. A ma'aunin da ƙungiyar likitocin mata ta duniya ta sabunta a 2018, al'adar da ta wuce kwana 8 ta yi tsawo, tana buƙatar a duba dalili. Ke nan mace za ta iya yin kwana 11 tana jini, hukuncinta a fiƙihu haila ce, amma jikinta yana asarar da ya kamata likita ya sani.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne ranar da ake fara ƙirge. Rana ta ɗaya ita ce ranar da jini ya fara zuba sosai, ba ranar da ya ɗauke ba, ba kuma ranar da aka ga ɗan ɗigo mai launin ƙasa a kamfai ba. Tsawon zagaye kuwa daga ranar farko ta wannan al'ada ne zuwa ranar da ta gabaci farkon ta gaba. A wannan ma'auni na 2018, zagayen da ya faɗa tsakanin kwana 24 da 38 daidai yake. Mata da yawa na tayar da hankali don sun ga al'ada sau biyu a wata guda, alhali mai zagayen kwana 25, idan ta fara ranar 2 ga wata, dole ta sake gani ranar 27. A rubuta kwanan wata na kalandar boko, don da ita asibiti ke aiki. Mai son ta haɗa da na Hijira sai ta sa su gefe da gefe.

Yawan jini shi ne ya fi wuyar faɗa da baki, domin kowace mace da abin da ta saba take auna kanta. Wadda ta taso tana ganin mahaifiyarta da yayyenta suna zubar da jini da yawa za ta ɗauka haka kowa yake. Saboda haka kada a rubuta "da yawa" ko "kaɗan" kawai. A rubuta audugar mata nawa aka canza daga safe zuwa dare, kuma kowacce ta jiƙe sharkaf ne, ko rabi, ko ɗan tabo. Mai amfani da ƙunzugu ta ƙirga sau nawa ta sauya, ta kuma faɗa wa likita cewa ƙyalle ne, don ɗaukarsa ba ɗaya ba ne da na auduga. A rubuta idan an tashi cikin dare don canzawa, idan jini ya ɓata zane ko shimfiɗa, idan sai an haɗa auduga biyu. Gudan jini kuma a kwatanta girmansa da abin da kowa ya sani: kamar ƙwayar wake, kamar dabino, kamar ƙwan kaza. Wannan kwatance ya fi "guda-guda" amfani nesa ba kusa ba.

Ciwo yana son abu uku: ina yake, yaya ƙarfinsa, yaushe ya fara. A ba shi maki daga 0 zuwa 10, inda 10 shi ne mafi tsananin da mace ta taɓa ji. Amma ni na fi ganin amfanin a ƙara da abin da ciwon ya hana: bai hana komai ba, ko ya hana girki, ko ya hana zuwa makaranta, ko ya sa amai. Ciwon mara na al'ada da aka saba da shi yakan zo da jinin ko dab da zuwansa, ya lafa cikin kwana biyu zuwa uku, kuma yakan ji magani irin su ibufurofen. Wanda yake farawa kwanaki kafin jini, yana ƙaruwa shekara bayan shekara, yana zuwa lokacin saduwa ko bayan gida, wannan yana sa likita ya yi tunanin wata matsala a mahaifa ko kewayenta. Shi ya sa ake rubuta sunan maganin da aka sha, ƙwaya nawa, da ko ya yi aiki.

Sai batun ruwan gaba, inda kalmar "sanyi" ta yi mana ɓarna mai yawa. Da ita ake kiran ƙaiƙayi, da ita ake kiran wari, da ita ake kiran ciwon mara, har da ruwan da ba ciwo ba ne ko kaɗan. Ruwan gaba yana sauyawa da kansa a cikin zagaye. Wajen mako biyu kafin al'ada ta gaba, lokacin da ƙwai ke fita, yakan zama garai-garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, daga baya ya yi kauri ya ragu. Macen da ta rubuta wannan wata biyu a jere za ta ga yana dawowa a kan lokacinsa, ba wari ba ƙaiƙayi, sai ta huta da sayen ƙwayoyi a kemis. Wanda ke nuna matsala kuwa yana da kamanninsa. Fari mai kauri kamar kindirmon da ya tsinke, da ƙaiƙayi mai tsanani amma ba wari, ya fi kama da kandida, wadda takan taso bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko a lokacin ciki, ko ga mai ciwon suga. Tsinkakke mai launin toka da ƙarnin kifi, musamman bayan saduwa, wani abu ne daban da maganinsa daban. Mai ruwan ɗorawa ko kore-kore, wani lokaci da kumfa, yana iya zama cutar da ake ɗauka ta saduwa, wadda sai an yi wa miji magani tare. A rubuta launi, kauri, wari, ƙaiƙayi ko zafin fitsari. A kuma rubuta gaskiyar abin da aka yi wa wurin: matsi, tsarki da ruwan magani, sabulu mai ƙamshi, turare. Waɗannan suna sauya ruwan, suna kuma ɓata gwaji, don haka a bar su kafin ranar asibiti.

Mu ɗauki misalin mace mai shekara 36 da ƴaƴa huɗu, wadda ke jin jiri da kasala, tana cewa al'adarta ta rikice. Layukan littafinta suna iya zama kamar haka. 3 ga Maris: jini ya fara, auduga 4, ciwo 5. 4 ga Maris: auduga 8 duk sun jiƙe, guda kamar dabino, na tashi sau biyu da dare, ciwo 7, na sha farasitamol 2, bai yi ba. 11 ga Maris: ɗigo, ranar ƙarshe. 16 ga Maris: ɗan jini bayan saduwa. 29 ga Maris: jini ya fara. 12 ga Afrilu: ɗan jini bayan saduwa. 25 ga Afrilu: jini ya fara.

Likita zai karanta wannan cikin minti guda. Daga 3 zuwa 29 ga Maris zagayen kwana 26 ne, na biyun kwana 27, ke nan al'adar ba ta rikice ba, tana zuwa a kan lokacinta. Matsalar ita ce tana yin kwana 9 kuma jinin ya yi yawa, abin da zai iya bayyana jirin. Zai nemi gwajin yawan jini, ya tura ta hoton mahaifa don neman ƙari irin fayibroid, ya tambaye ta ko an sa mata robar tazarar haihuwa ta tagulla, wadda takan ƙara jinin al'ada. Amma layukan da suka fi komai nauyi su ne na 16 ga Maris da 12 ga Afrilu. Jini bayan saduwa yana wajabta a duba bakin mahaifa da ido. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne, amma ta haka ne kuma sankarar bakin mahaifa kan fara nuna kanta. Da a ce da baki kawai ta zo, da wuya ta ambaci ɗigon nan biyu: ko ta manta, ko ta raina su, ko nauyin maganar ya hana ta. Takarda ba ta jin nauyi. Mace tana iya miƙa littafin ta ce, "Likita, ga shi na rubuta," ba sai ta furta abin da bakinta ba zai iya ba.

A shafin farko a sa abubuwan da ba sa sauyawa kullum: shekaru, haihuwa nawa, ɓari nawa, ko ana shayarwa, da hanyar tazarar haihuwa da ranar da aka fara ta. Allurar wata uku da ashanar da ake sawa a dantse sukan kawo ɗige-ɗige ko su ɗauke al'ada gaba ɗaya, kuma ranar da aka fara su ita ce za ta nuna ko su ne sanadi. Wadda ba ta rubutun boko ta yi da ajami. Wadda ba ta rubutu sam ta samu kalanda, ta yi da'ira a ranar jini, ta ja sanda ɗaya ga kowace auduga. Waya ma tana yi, sai dai a gidajen da waya ke yawo hannu-hannu, ƙaramin littafi a ƙasan akwati ya fi rufin asiri.

Zagaye biyu zuwa uku ya isa a ga tsari. Amma littafin ba ya gano cuta, gwaji ne ke yin wannan, kuma akwai halin da ba a tsayawa cika shafi. Idan al'ada ta yi jinkiri sannan aka ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini ko jiri, yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma yana iya kisa cikin sa'o'i. Haka idan auduga tana jiƙewa kowace awa har awa biyu ko fiye a jere, ko ciwon mara ya haɗu da zazzaɓi da ruwa mai wari, ko mai ciki ta ga jini. Waɗannan na asibiti ne a take, ko da tsakar dare. Matar da al'ada ta ɗauke mata shekara guda cur saboda girma, sannan ta ga jini ko ɗigo ɗaya ne, ita ma ta je a duba ta cikin kwanakin nan, kada ta jira ya sake zuwa.

Ƴar'uwa, idan kina da abin da ke damunki a wannan fanni, ki fara daren yau: kwanan wata, auduga nawa, ciwo nawa cikin goma, ruwan wane iri. Ranar asibiti ki sa littafin a jaka tare da katinki da kwalayen magungunan da kika sha.