Baiti, Amshi da Gada: Yadda Ake Gina Waƙar Zamani

Duk wanda ya taɓa zama a gidan biki ya san wannan lokacin. Waƙa tana tafiya, mutane suna gyaɗa kai suna hirarsu, sai a zo wani wuri ka ji wajen ya ɗauka gaba ɗaya, har waɗanda ba su san sauran baitukan ba sun buɗe baki. Amshi ke nan ya shigo. Yawancinmu muna ɗauka cewa daɗin amshin ne ya ja mu, kuma da gaskiya a ciki, amma rabin aikin an riga an yi shi tun kafin amshin ya iso. Mai tsara waƙa ya hana kunnenka wani abu na ɗan lokaci, ya bar ka da ƙishirwarsa, sannan ya miƙo maka.

Baiti da amshi ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Shata yana zuba zance, 'yan amshi suna dawo da gindin waƙa, kalangu na tafiya. A waƙar zamani ma rabon aikin kusan haka yake. Baiti shi ke ɗauke da labari: karinsa ɗaya ne duk inda ya dawo, kalmominsa ne ke sauyawa. Amshi kuwa kari da kalmomi duka ba sa sauyawa, kuma galibi a cikinsa sunan waƙar yake. Na ukunsu shi ne wanda Turawa ke kira da kalmar da ke nufin gada, wato wani yanki dabam da ke zuwa bayan an ji baiti da amshi sau biyu, da sabon kari da sabon zance, ya ɗauke ka daga hanyar da ka saba sannan ya mayar da kai. Tsarin da aka fi bi a yau shi ne baiti, amshi, baiti, amshi, gada, amshi.

Bayani da baki ba ya isa, gara mu ɗauki waƙa ɗaya mu kwance ta. Na zaɓi Billie Jean ta Michael Jackson, wadda ta fito a faifan Thriller a 1982, Quincy Jones kuma shi ne furodusanta. Kafin mu shiga, ga ma'aunin da makaɗa ke aiki da shi. In kana bin ganga kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka sake komawa ɗaya, kowane zagaye gaɓa ɗaya ke nan. Wannan waƙa tana bugu kusan 117 a minti, don haka kowace gaɓa tana cin daƙiƙa biyu da ɗan ɗoriya.

Gaɓa biyu na farko ganga ce kaɗai. Daga nan jitar bes, mai kaurin murya, ta shigo da wani ɗan kari da take ta nanatawa kamar mai sassarfa. Bayan gaɓa takwas sai fiyano ya fara sako sautuka huɗu masu hawa da sauka. Sai an ci gaɓa 14, kusan daƙiƙa 29, kafin a ji muryar mawaƙin. An sha ba da labarin cewa Quincy Jones ya so a datse wannan shimfiɗa don ta yi tsawo, Jackson ya ƙi, ya ce ita ce ke sa shi rawa. Ya yi daidai da ya ƙi, domin wannan shimfiɗar ce ta dasa karin bes ɗin a kunne, kuma duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Baiti ya shigo a kan wannan kiɗan ba tare da an ƙara kaya mai yawa ba. Muryar a matse take, kalmomi suna bin juna da sauri, ana ba da labarin wata mata da yadda suka haɗu a wajen rawa. Haka ake tafiya gaɓa 20. Zuwa nan mai sauraro ya shafe fiye da minti ɗaya yana jin bes yana taku iri ɗaya, har ya daina lura da shi, kamar yadda mai kwana kusa da injin niƙa ke daina jin ƙararsa.

A wajen minti ɗaya da daƙiƙa goma ne dabarar take. Bes ya saki takun da ya saba. Haɗin sautin da ke ƙarƙashin murya, wanda makaɗa ke rubutawa da haruffa, ya koma D, wanda ba a taɓa shi ba tun farkon waƙar, yana kai da komowa tsakaninsa da F#m, wato gida. Zancen ma ya sauya baki: an bar labarin matar, an koma kan gargaɗin da mutane da mahaifiyarsa suka sha yi masa. A gaɓa ta takwas sai a tsaya kan C#, sautin da kunne ba ya yarda a zauna a kansa, sai ya nemi a koma gida. Wannan ɗan yanki na gaɓa takwas, da ke tsakanin baiti da amshi, ni matakala nake ce masa, don aikinsa ke nan, ya hau da kai.

Sai amshi ya faɗo, wajen minti ɗaya da daƙiƙa 26. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne kiɗan da ke ƙarƙashin amshin nan shi ne dai na baiti, bes ɗin nan da sautukan fiyanon nan huɗu. Ba a ƙirƙiro sabon abu ba, an ɗauke maka shi ne na daƙiƙa 16 sannan aka dawo maka da shi, ka tarbe shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya. Abin da ya bambanta amshin yana sama, a murya. An ninka ta, jimloli sun gajarce, an bar sarari tsakaninsu yadda mai sauraro zai samu numfashin bi. Kuma inda baiti ke labari, amshi musu yake yi kai tsaye: yana nesanta kansa da matar da kuma yaron da ta jingina masa. Ka gwada a ranka ka cire matakalar nan ka liƙa amshi a jikin baiti. Waƙar za ta zama doguwar hanya miƙaƙƙiya, ba za ka san inda aka shiga gari ba.

Billie Jean ba ta da gada ta rerawa. A wurin da ya kamata ta zo, bayan amshi na biyu, jita aka ba fili ta yi nata. In ana son jin gada ta sosai sai a koma London ta 1965, ga waƙar Beatles mai suna We Can Work It Out. Paul McCartney ne ya kawo baitukan, masu haske da fatan alheri, mutum yana lallashin masoyiyarsa a sasanta. Gadar kuwa da hannun John Lennon a ciki, kuma halinta dabam ne. Kiɗan ya bar D mai walwala ya koma Bm mai duhu, murya ɗaya ta zama biyu, zance ya tashi daga rigimar mutum biyu ya koma kan gajartar rayuwa. A ƙarshen kowane rabin gadar har takun kiɗan ke sauyawa, ƙirgar huɗu-huɗu ta koma uku-uku, shawarar da aka ce George Harrison ne ya bayar. Baitin gaɓa takwas ne, gadar 12. Idan aka dawo baiti bayan wannan duhun, lallashin nan da ka ji a farko sai ya ƙara nauyi, alhali karinsa bai motsa ba.

Wannan waƙa ba ta ma da amshi mai zaman kansa, layin da ke rufe kowane baiti shi ke riƙe da matsayin. Tsohon tsari ne da marubuta waƙa na New York suka yi ta aiki da shi tun shekarun 1920: baiti, baiti, gada, baiti, kowanne gaɓa takwas, jimilla 32. Over the Rainbow ta 1939 a kansa aka gina ta.

Daga waɗannan biyu ana iya ganin inda mai tsara waƙa ke sa hannu in yana son yanki ya bambanta da maƙwabcinsa. Yana iya ɗaga murya ko ya sauke ta, ya cika kalmomi ko ya ja su da tsawo, ya ƙara kayan kiɗa ko ya rage, ya sauya haɗin sauti, ko ya sauya wanda ke magana. Ba a taɓa su duka a lokaci guda. Biyu ko uku sun isa, sauran a bar su yadda suke don kada gadar ta zama kamar an sako wata waƙa daga wani gidan rediyo.

Kuskuren da na fi ji a waƙoƙin matasa masu tasowa shi ne zuba kaya duka tun daga baitin farko. Kwamfuta ta sauƙaƙa abin: a haɗa zagaye ɗaya na gaɓa huɗu, ganga da bes da fiyano da sarewa duk a ciki, a kwafa shi daga farko har ƙarshe, mawaƙi ya hau kai. In amshi ya zo babu sauran abin da za a ƙara, muryar ma ta riga ta kai ƙololuwa a baiti. Gane wannan ciwo ba wuya. A kashe murya a sutudiyo a saurari kiɗan zalla, ko a sa wa wanda bai taɓa jin waƙar ba a ce ya ɗaga hannu in amshi ya shigo. In ya yi ta jira, to a koma baiti a rage masa kaya, a cire sarewa, a sassauta ganga, a saukar da karin murya. Wata dabarar mai arha ita ce a yanke kiɗan gaba ɗaya na bugu ɗaya ko biyu dab da amshi.

Wannan tsari dai ba doka ba ne. Waƙoƙin finafinan Kano, kamar na Indiya da suka yi musu tasiri, sukan buɗe da amshi, su sa kiɗa zalla tsakanin baituka, kuma karɓa-karɓar namiji da mace na yin aikin da gada ke yi a wani wuri. Shata bai buƙaci gada ba, domin a wajensa sabon abu daga bakinsa yake fitowa, kowane ɗan waƙa da nasa zancen, amshi kuma yana tsaye kamar turke. Ɗan Maraya Jos ma, da kuntiginsa shi kaɗai babu 'yan amshi, ya riƙe mutane.

Kasuwa ma tana taɓa tsarin. A Spotify ba a lissafa cewa an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa 30, abin da ke sa mawaƙa da yawa gaggauta kawo amshi, su taƙaita shimfiɗa, wasu su jefar da gada. Da Billie Jean yau za ta fito, a daƙiƙa ta 30 ɗin nan Jackson bai gama layinsa na farko ba, amshi kuma yana can gaba da kusan minti ɗaya.