Hoton "da" da na "yanzu": yadda tela zai nuna aikinsa ba tare da algus ba

Mu da ke sayar da shadda da yadi a Kumasi ba ma rabuwa da teloli, domin duk abin da muka sayar a kekensu yake ƙarewa. Yanzu kuwa yawancin kwastoman tela ba sa taka shagonsa. Wani yana Accra, wani yana Lome, a waya yake ganin aikin, a waya yake aiko da awo da kuɗi, a mota ake aika masa da kaya. Shi ya sa matasan teloli suka rungumi jerin hotunan nan da ake ja da yatsa a Instagram ko a ɗora a WhatsApp Status: ga riga kafin gyara, ga ta bayan gyara.

Abin da na lura shi ne, yawancin ha'incin da ke cikin irin waɗannan hotuna ba a kwamfuta ake yin sa ba. Tun wajen ɗauka ake yi, wani lokacin ma telan bai san ya yi ba. Za ka ga hoton farko an ɗauke shi da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, rigar duk ta yamutse daga cikin leda, mai ita ya saki kafaɗa kamar wanda aka yi wa mutuwa. Hoto na biyu kuwa da hantsi ne a bakin ƙofa, an sha guga, mutumin ya miƙe ya ɗaga ƙirji. To me mai kallo ya gani? Ya ga aikin rana da na dutsen guga. Aikin allura ya ɓace a tsakani.

Ƙa'idar guda ɗaya ce: tsakanin hotunan biyu kada komai ya canza sai ɗinkin. Wuri ɗaya, bango ɗaya, lokaci ɗaya na yini, tsayuwa iri ɗaya. In za a goge ta biyu, a goge ta farko ma.

Akwai wani tela a layinmu, ɗan'uwanmu ne daga Maraɗi, da na ga yana yin abin yadda ya kamata. An kawo masa kaftanin shadda shuɗi mai duhu da aka aiko wa wani daga Kano, ya yi masa yawa. Faɗin ƙirjin rigar inci 50 ne a zagaye, mai ita kuwa 46 yake so. Telan ya shiga da inci ɗaya a kowane gefe. Da yake kowane gefe ƙyalle biyu ne, gaba da baya, inci huɗu ke nan suka fita. Hannu ya rage inci biyu. Kafaɗa kuwa ya bar ta yadda take, ko da yake ta ɗan zarce, saboda gyaranta sai an cire hannuwan gaba ɗaya an sake yanka ramin hammata, mai rigar kuma bai yarda da kuɗin wannan aikin ba.

Tun kafin ya taɓa almakashi ya tsayar da mutumin jikin bangon shago a inuwa, ya yi alama da alli a ƙasa inda ƙafafunsa suke, ya yi wata alamar inda shi kansa ya tsaya, kamar taku uku baya. Wayar ya riƙe ta daidai ƙirji, a kan `1x`. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ka matso kusa ka sa `0.5x`, ko ka ɗauka daga sama, jiki yana sauya siffa, rigar da ba a taɓa ba ma sai ta yi kamar an tsuke ta. Bayan kwana biyu mutumin ya dawo da hantsi kamar wancan karon, kowa ya koma kan allinsa.

Hotuna shida ya jera. Na farko an haɗa "da" da "yanzu" gefe da gefe ta gaba, an rubuta a kan kowanne, domin mutane da yawa ba sa ja zuwa na biyu. Na biyu haka nan amma ta baya. Na uku ta gefe, mutumin ya ɗaga hannu, a ga hammata ba ta kama shi ba. Na huɗu tef ɗin awo ne a shimfiɗe kan rigar, kafin gyara da bayansa, lambobin suna fitowa sarai. Na biyar an juya rigar ciki waje, ana ganin layin ɗinki da abin da aka bari na ƙyalle. Na ƙarshe kafaɗar nan ce, ya rubuta a ƙasa: "Ba a gyara kafaɗa ba."

Na tambaye shi, "Malam, wannan na ƙarshen ba zai kore maka kasuwa ba?" Ya ce, "Alhaji, wanda zai gudu saboda wannan, da ma rigima zai kawo mini. Gara ya sani tun yana garinsu."

Hoton bayan nan ina ba shi muhimmanci, don a nan ake ɓoye dabarar da ta fi yawa: a tattare rigar ta baya a danne da fil ko abin shanya, ta gaba sai ta zauna ɗas. Mai saye, in ka ga jeri duk gaba ne babu baya ko ɗaya, ka nemi a turo maka. Ka kuma duba layin bango ko ƙofar da ke bayan mutum. In sun lanƙwashe daidai ƙugu, an ja hoton da manhaja.

Sai maganar launi, wadda ita ce ta fi shafar mu 'yan yadi. Shadda tana da ƙyalli, tana shan haske, waya kuma tana gyara launi da kanta ba tare da ta tambaye ka ba. Shuɗi mai duhu yakan fito da haske fiye da yadda yake, farar shadda ƙarƙashin ƙwai mai ja takan koma ruwan madara. In aka ƙara tacen da ke ƙawata hoto, shi ke nan, kwastoma zai yi odar launin da babu shi a kasuwa, rigimar kuma ta biyo ta kan tela ta iso rumfata. A kashe duk wani tace da na gyaran fuska, a kashe filasha. A sa farar takarda a gefen rigar a ɗauki gwaji: in takardar ta fito fara, launin ya kusa gaskiya, in ta yi rawaya ko shuɗi-shuɗi, a sauya wuri. Gyaran da na yarda da shi bayan ɗauka shi ne yanke gefen hoto da miƙe shi in ya karkace. In dole sai an ƙara haske, a ƙara wa duka biyun daidai wa daida.

Akwai abin da hoto kan ɓoye ko ba a yi niyya ba. Idan faɗaɗa riga aka yi, tsohon layin allura yakan bar sawu a jikin shadda, kuma ba lallai guga ta share shi ba. Daga taku uku ba a gani. Sai a matso a ɗauke shi a sa cikin jerin, a kuma faɗi cewa faɗaɗawa ba ta wuce iyakar ƙyallen da telan farko ya bari a ciki.

Kafin a ɗora komai, a nemi izinin mai rigar, a nuna masa hotunan da za a sa. Zango ƙarami ne, kowa ya san rigar kowa. In kayan mata ne, yawanci an fi son a yanke hoton daga wuya, ko a sa wa mutum-mutumin shago, amma fa shi ɗin dai a duka hotunan biyu, kuma babu fil a bayansa.